Inshorar kayan sito da kayan hanya: wa ke da ikon saye, me ya wajaba ya faɗa wa kamfani?

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan kasuwar Garwa, Marwa, Gaundare, Kuseri da Njamena masu ajiye kaya a sito ko masu ɗauko lodi daga Duwala. Kusan duk rigimar da ke tashi ranar neman diyya tana komawa ga abu biyu: asarar ta wane ce, kuma me aka gaya wa kamfani tun farko. Alƙaluman da ke cikin misalai na kwatance ne kawai, kowane kamfani da farashinsa.

1. Wace doka ce ke hukunta inshorar kaya a Kamaru da Cadi?

Ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar CIMA mai tsara dokar inshora ta bai ɗaya ga ƙasashen Afirka da dama, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kundin dokarta ya fara aiki a 1995. Saboda haka ɗan kasuwar Garwa da na Njamena doka ɗaya ke kansu a inshorar sito da ta kayan da ke tafiya a mota ko jirgin ƙasa. Duk inda aka ce "sashe na kaza" a nan, sashen kundin CIMA ake nufi.

Sai dai sashe na 1 ya fitar da inshorar teku da ta kogi daga waɗannan ƙa'idoji. Kwantenar da ta taso daga Dubai ko Sin da takardar inshora guda, wadda ta rufe tafiyar tun daga sitonsu har naka, sharuɗɗan inshorar teku ne ke kanta, kuma sun fi tsauri wajen bayyana gaskiya (duba tambaya ta 8).

2. Wa ke da ikon yi wa kaya inshora? Sai mai su kaɗai?

A'a. Sashe na 36 ya ce duk wanda ke da amfani a cikin tsirar abu yana iya yi masa inshora, ko amfanin na kai tsaye ne ko ta wata hanya. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kayan nan suka ƙone yau, aljihun wa zai girgiza? Mai kaya yana ciki. Mai siton da aka ba ajiya yana ciki, domin za a iya binsa bashin abin da ya salwanta a hannunsa. Bankin da ya karɓi kayan jingina yana ciki, haka mai motar da ya ɗauki lodin, haka wanda ya sayar da kaya bashi ya ce mallakarsa ne sai an gama biya.

Amma kowa gwargwadon abin da zai rasa. Sashe na 31 ya hana diyya ta wuce darajar abin a lokacin asara, don kada inshora ta zama hanyar cin riba. Bankin da ke bin sefa miliyan 15 a kan kayan miliyan 40, haƙƙinsa miliyan 15 ne. Maƙwabcinka a kasuwa wanda babu abin da ya haɗa shi da buhunanka ba zai iya biyan kuɗi ya zauna jiran gobararka ba, wannan caca ce.

3. Na biya kuɗin kaya amma suna hanya. Daga yaushe asararsu ta zama tawa?

Biyan kuɗi ba shi ne ma'auni ba, sharaɗin cinikin ne. A cinikin ƙasa da ƙasa akwai haruffa uku a kan takardar saye da ke faɗin wannan. Idan an rubuta FOB, CFR ko CIF, haɗarin ya koma wuyanka daga lokacin da aka ɗora kayan a jirgi a tashar can, ko da ba ka gama biya ba. Idan EXW ne, tun daga ƙofar masana'anta. Idan DAP ne aka rubuta Njamena ko Garwa, mai sayarwa ne ke ɗauke da haɗarin har kayan su iso wurin da aka ambata, kai kuwa kafin nan babu asarar kaya a kanka da za ka nemi diyyarta.

CIF ne ya fi yaudarar mutane. Gaskiya ne mai sayarwa ya sayi inshora, amma abin da ya wajaba a kansa shi ne mafi ƙarancin kariya, a kan kashi 110 cikin 100 na farashi, zuwa tashar da aka rubuta. In an rubuta CIF Duwala, nauyinsa ya ƙare a Duwala. Jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sauke da sake lodi a can, hanyar Garwa, Marwa, Mora, Dabanga har gadar Ngeli, duk babu kowa a kansu sai kai. Ga kuma dokar Kamaru ta 1975 da ta wajabta wa mai shigo da kaya ya yi musu inshora a kamfanin da ke da lasisi a cikin ƙasa, wadda takardar mai sayarwa ba ta maye gurbinta.

A cinikin cikin gida, dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka da dama, ta ce idan ciniki ya ƙunshi miƙa kaya ga mai ɗauka, haɗari yana komawa kan mai saye da zarar an miƙa su ga mai ɗauka na farko, sai in an yi wani sharaɗi dabam. Wanda ya sayi buhunan albasa a Marwa ta waya, aka loda masa zuwa Duwala, daga wurin lodi asarar tasa ce, shi ne kuma ya kamata sunansa ya kasance a takardar inshora.

4. A sitona akwai kayan 'yan'uwa da na amana. Inshorata ta rufe su?

Ba ta rufe su ba sai an rubuta. Yarjejeniyar da ta ce "kayan mai inshora" tana nufin naka kaɗai. Ranar asara masanin da kamfani ya turo zai nemi takardun saye da littafin shiga da fita, duk buhun da ya ga sunan wani a kansa zai ware shi gefe.

Gyaran ba shi da wuya. Sashe na 5 ya yarda a yi inshora a madadin wani mutum da aka ambata, ko a madadin duk wanda kayan suka zama nasa ranar asara. Ka ce wa kamfani a rubuce kana ajiye kayan mutane, ka ba da ƙiyasin mafi yawan abin da ke taruwa, a sa wannan sharaɗi, a ƙara darajarsu a kan jimlar da aka yi wa inshora. Kai ne za ka biya kuɗin inshorar duka, kuma duk kuskuren da ka yi wajen amsa tambayoyi zai shafi masu amanar kamar yadda ya shafe ka.

A nan ne kuma matsalar suna ke shigowa. A gidajen kasuwanci da yawa rajistar kasuwanci sunan Alhaji ce, takardun duwan sunan babban ɗa, hayar sito sunan ƙane, inshora kuwa sunan yaron da aka aika ofis. A gida kowa ya san dukiya ɗaya ce, a takarda mutum huɗu ne. Sunan da ke kan inshora ya dace da wanda ke kan takardun saye, in kuwa ba zai yiwu ba, a sa sharaɗin sashe na 5.

5. Mai mota ya ce yana da inshora. Ba ta isa ba?

Inshorar dole da jandarma ke tambaya a hanya tana biyan mutanen da mota ta yi wa ɓarna ne, ba ta biyan lodin da ke bayanta. Wasu masu motoci suna da ta biyu, wadda ke rufe alhakinsu a kan kayan da suka ɗauka, amma ita ma tasu ce, ba taka ba: tana biya ne in an tabbatar alhakin yana kansu, kuma iya iyakar da doka ta sa.

Dokar OHADA ta 2003 kan ɗaukar kaya a mota ta tsayar da wannan iyaka a sefa 5,000 kan kowane kilo, sai in an bayyana darajar kayan a takardar lodi ko an kama mai mota da ganganci ko babban sakaci. A kan suga ko siminti iyakar ba ta damun kowa, tunda kilo bai kai haka ba. A kan kwalin wayoyi mai kilo 20 kuwa, sefa 100,000 ke nan, ko da abin da ke ciki ya kai miliyan 3. Mai atamfa, kayan gyaran babur ko magani ya yi tasa inshorar.

6. Banki ya ba ni bashi a kan kayan sito. Wa za a biya in sun ƙone?

Sashe na 43 ya ba masu bin bashi da ke da jingina ko fifiko damar karɓar diyya bisa jerinsu. In kamfani ya biya ka da kyakkyawar niyya kafin banki ya sanar da shi, biyan ya inganta, shi ya sa bankuna ke neman a rubuta sunansu a yarjejeniya tun farko. Za a ba banki abin da yake bi, ragowar taka. Idan takardar tambayoyi ta tambayi ko kayan na jingina ne, ka amsa gaskiya, domin wannan na cikin abin da ake bincika da waya ɗaya.

7. Me ya wajaba in faɗa lokacin sayen inshora?

Sashe na 12 ya wajabta ka amsa tambayoyin kamfani daidai, musamman waɗanda ke cikin takardar bayyana haɗari. Da amsoshin nan kamfani ke yanke ko zai karɓa, da nawa, da waɗanne sharuɗɗa. Ba ya zuwa kowane sito ya gani da idonsa, maganarka yake saye.

A kan sito, tambayoyin sukan zagaya ginin da abin da ke ciki. Bulo ne da siminti ko langa-langa a kan katako? Rufin kwano ne, akwai silin katako? Wutar lantarki daga mita take ko an jawo waya daga maƙwabci? Akwai janareta, ina ake ajiye mansa? Me ke jikin bangon, mai walda, mai tuya, ko mai sayar da zuwa-zuwa a jarkoki? Akwai mai gadi da dare, akwai tukunyar kashe wuta mai aiki? Kayan a ƙasa suke ko a kan katako? Ruwa ya taɓa shiga? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi ga mai sito kusa da Logon ko Shari a Kuseri da Njamena, inda ambaliyar 2022 da ta 2024 ba ɓoyayyen abu ba ne. Sai tarihinka: asarar da ka yi a 'yan shekarun baya, ko da ba ka nemi diyya ba, da ko wani kamfani ya taɓa soke maka yarjejeniya. Wajen nau'in kaya, "kayan masarufi" ba amsa ba ce in akwai katifun soso, ashana, fenti ko turare a ciki, domin waɗannan ke mayar da ƙaramar wuta babba.

A kan kayan hanya kuwa ana son ainihin nau'in kaya da yadda aka ɗaure su, sababbi ne ko na hannu, kwantena ce ko buɗaɗɗiyar tirela da tamfol, nauyin lodi, hanyar da za a bi, inda za a sauke a sake lodi, da kwana nawa za su yi a ajiye a tsakani. Wanda ya ce ta Tuboro zai bi zuwa Mundu amma sai ya bi ta Mora ya canja haɗarin da kamfani ya karɓa. A tuna kuma sashe na 38 ya fitar da asarar yaƙi da tarzoma daga inshora sai in an yi sharaɗinsu musamman.

8. Abin da ba a tambaye ni ba fa? Dole in faɗa?

A inshorar ƙasa, nauyin yin tambaya yana kan kamfani. Sashe na 7 ya ƙara da cewa in ya yi tambaya a dunƙule ya samu amsa a dunƙule, ba zai dawo daga baya ya kafa hujja da hakan ba. Idan takarda ta ce "wace sana'a kake yi?" ka rubuta "sayar da kayan abinci", kamfani bai nemi ƙarin bayani ba, laifin gajartar amsar ba naka ba ne. Amma wannan kariya ba ta kai ga wanda aka tambaya "akwai abu mai saurin kama wuta a ciki ko kusa?" ya ce babu alhali durom biyu na fetur na bayan ƙofa.

A inshorar teku lamarin ya juye. Can ana sa ran mai kaya ya faɗi duk abin da ya sani wanda zai canja ra'ayin kamfani, an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba: cewa injinan na hannu ne, cewa kayan sun taɓa jiƙa an shanya, cewa za su daɗe a tasha kafin a fitar.

Shawararmu a duka biyun ɗaya ce. Abin da kake jin in ka faɗa za a ƙara maka kuɗi, shi ne ainihin abin da ya kamata ka rubuta, ko a gefen takarda ne, ka sa a buga hatimi a kwafinka.

9. Dillalin inshora ne ya cika takardar, ni hannu kawai na sa. Kuskurensa a kaina yake?

Hannun da ka sa ya mayar da amsoshin naka. Akwai bambanci tsakanin wakilin kamfani da dillali mai zaman kansa: wakili yana aiki da sunan kamfani, kuma sashe na 505 ya ɗora wa kamfani alhakin laifin wakilansa, dillali kuwa a ƙa'ida kai yake wakilta, abin da ka gaya masa da baki bai zama kamfani ya ji ba. Ko a wajen wakilin ma, sai ka iya tabbatar da cewa ka faɗa shi ne bai rubuta ba, kuma "wallahi na gaya masa" ba ta da nauyi gaban takarda mai sa hannunka.

Takardun da Faransanci suke. Wanda bai iya karantawa ba ya zo da ɗansa ko akawunsa, a karanta masa tambaya ɗaya bayan ɗaya, kada ya yarda da "sa hannu nan, Alhaji, sauran ni zan cika". Kada a bar gurbi babu amsa, kuma a karɓi kwafi ranar.

10. Bayan na sa hannu abubuwa sun canja. Sai na koma?

I. Sashe na 12 ya ba ka kwana 15 daga ranar da ka sani, ka sanar da duk sabon abin da ya ƙara haɗari ko ya sa amsoshinka na farko suka daina zama gaskiya. Sanarwar ta zama wasiƙar rajista ko wasiƙar da kamfani ya sa wa hannu a kan kwafinka. Abubuwan da aka fi mantawa su ne ƙara sabon nau'in kaya, sallamar mai gadi, ba wani hayar rabin sito, sa injin niƙa a ciki, da kwashe wani ɓangare na kaya zuwa wani sito lokacin da wuri ya cika gab da azumi. Wannan na ƙarshe ya fi muni, domin inshorar sito tana bin adireshin da aka rubuta ne, kayan da suka koma wata unguwa sun fita daga cikinta gaba ɗaya.

In ka sanar, sashe na 15 ya ba kamfani zaɓi: ya soke yarjejeniya ya mayar maka da kuɗin sauran lokacin, ko ya nemi ƙari. In ya ji labarin ya yarda aka ci gaba, ba zai sake kafa hujja da shi ba. In kuwa ka yi shiru, hukuncin tambaya ta 11 ne ke jiranka.

11. Mene ne hukuncin wanda ya faɗi abin da ba daidai ba?

Ya danganta da niyya. Sashe na 18 na mai ganganci ne: wanda ya ɓoye ko ya yi ƙarya da saninsa, har hakan ya canja yadda kamfani ke ganin haɗarin, yarjejeniyarsa ta ɓaci tun daga tushe. Babu diyya, kuɗin da ya biya sun zama na kamfani. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ba sai abin da aka ɓoye ne ya jawo asarar ba. Wanda ya ɓoye fetur, sannan ɓarayi suka fasa sito, ya rasa diyyar satar ma.

Sashe na 19 na wanda ba a tabbatar da mugun nufinsa ba ne. In an gano kafin asara, kamfani yana iya neman ƙarin kuɗi, ko ya soke yarjejeniya kwana 10 bayan ya aiko da sanarwa, ya mayar da kuɗin sauran lokaci. In bayan asara aka gano, ana rage diyya gwargwadon farashin da ka biya a kan farashin da ya kamata ka biya.

Kamfani ne zai tabbatar da ganganci, ba kai za ka tabbatar da tsarkin zuciyarka ba. Yakan duba ko tambayar a fili take, ko abin da aka ɓoye abu ne da ba a mantawa (gobarar bara, misali), da ko wani kamfani ya taɓa ƙin ka saboda wannan abin sannan ka zo nan ka yi shiru a kansa. Hujjojin kuwa daga toka suke fitowa: ƙonannun jarkoki, wayar da aka jawo ta taga, rahoton 'yan kwana-kwana, da bakin maƙwabta.

12. A nuna mana yadda lissafin ke tafiya.

A ce wani ɗan kasuwa a Garwa ya yi wa sitonsa inshorar gobara a kan sefa miliyan 40, ya ce shinkafa, suga da man girki yake ajiyewa. Kamfani ya sa masa 3 cikin 1,000, ya biya sefa 120,000, ban da haraji. Bayan wata biyar ya karɓi katifun soso ya jera a gefe ɗaya, bai sanar ba. Surukinsa kuma ya kawo kwalayen taliya na miliyan 10 ajiya. Kasuwa ta buɗe, kayansa na kansa suka kai miliyan 50. Wata rana da dare waya ta haɗu, wuta ta cinye kayan miliyan 36: nasa na miliyan 30, na suruki na miliyan 6.

Masanin kamfani zai fara da ware miliyan 6 na suruki, domin yarjejeniya ba ta ambaci kayan wasu ba (tambaya ta 4). Saura miliyan 30. Sai ya duba daraja: an yi inshorar 40 a kan kayan 50, kashi huɗu cikin biyar ke nan, sashe na 35 ya ɗauki mai kaya a matsayin wanda ya ɗauki sauran da kansa. Miliyan 30 ta koma 24. Sai maganar katifu. A ce farashin kamfani na siton da ke da soso 5 cikin 1,000 ne, kuma an yarda mantuwa ce, ba ɓoyewa ba. Za a ninka 24 da 3 a raba da 5, ya ba da miliyan 14.4. In yarjejeniya ta ce mai kaya ne ke ɗaukar sefa 500,000 na farko a kowace asara, abin da zai shiga hannunsa miliyan 13.9 ne, a kan asarar miliyan 36, ga suruki yana jiran bayani.

Da ya bayyana komai, inshorar miliyan 60 a kan 5 cikin 1,000 sefa 300,000 ce. Bambancin sefa 180,000 ne a shekara, diyyar kuwa da ta kai miliyan 35.5. Da kuma kamfani ya samu shaidar cewa katifun suna nan tun ranar da ya cika takarda, aka tambaye shi ya ce babu, da sashe na 18 ne, ko sefa ɗaya ba zai gani ba.

13. Wace daraja zan rubuta? Kayan sito yau sama, gobe ƙasa.

Ana lissafin kayan ɗan kasuwa da abin da suka ci masa har suka shiga sito, wato farashin saye da kuɗin mota da na duwan, ba farashin da yake fatan sayarwa ba. Ka ɗauki lokacin da sito ya fi cika, ba matsakaici ba, domin darajar ranar asara ake dubawa. Mai gyaɗa ko masara da ke cika sito bayan kaka ya zazzage kafin damina ya nemi yarjejeniyar da ake sa iyakar sama, yana aika ƙiyasin kaya wata-wata, a daidaita kuɗin a ƙarshen shekara.

Ƙara daraja ba ya ƙara diyya. In da zamba aka yi, sashe na 33 ya ba kamfani damar neman a rushe yarjejeniya har ya nemi diyya a kanka. In ba zamba, an yi asarar kuɗin inshora ne kawai. Akwai kuma tarkon da masu shigo da kaya ke haƙa wa kansu: a rage farashi a takardar da aka kai duwan, sannan ranar asara a fito da wata mai farashin gaskiya. Kamfani zai nemi takardun duwan, kuma mai takarda biyu a kan lodi ɗaya ya ba shi hujja da hannunsa.

14. Mota ta riga ta tashi, ko ma na ji ƙishin-ƙishin ta faɗi. Zan iya sayen inshora yanzu?

Sashe na 44 ya ce inshora ɓatacciya ce in abin ya riga ya salwanta lokacin da aka ƙulla ta. Kamfani zai gwada sa'ar da aka buga takarda da sa'ar da ke rahoton jandarma da kiran wayar direba. In mota ta tashi lafiya kana so ka rufe sauran tafiyar, ka faɗi ranar da ta tashi da inda take, kamfani ya yanke. Sannan tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, yarjejeniya ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka alkawarin "zan kawo in lodi ya iso" bai rufe komai ba.

Mai lodi da yawa ya fi dacewa da yarjejeniyar shekara wadda ke rufe kowace tafiya, yana aika sanarwar kowane lodi cikin wa'adin da aka rubuta. Sharaɗinta shi ne a bayyana dukan lodin, ba a zaɓi masu tsada ko na damina a bar sauran ba. Kamfani yana da ikon duba littattafanka, in ya ga tirela 30 sun tashi an bayyana 12, zai iya ƙin biyan wadda ta faɗi.

15. Na gano kayan suna da inshora biyu, tawa da wadda mai fitar mini da kaya daga duwan ya saya.

Yana faruwa sosai. Sashe na 34 ya wajabta ka sanar da kowane kamfani sunan ɗayan da jimlar da ya ɗauka, nan take. In babu zamba, dukansu suna aiki, kana iya neman diyya wurin wanda ka ga dama, su daidaita tsakaninsu, amma jimlar ba za ta wuce asararka ba. Wanda ya kai takardu wurare biyu don a biya shi sau biyu ya faɗa hukuncin zamba na sashe na 33.

16. Asara ta faru. Me zan tanada don kada a ce ba ni da haƙƙi ko na ɓoye wani abu?

Fara da sanarwa. Wa'adin yana cikin yarjejeniya, doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, na sata kuwa awa 48 ne. Kada a share wurin ko a kwashe ragowar kaya kafin masanin kamfani ya zo, sai abin da za a tsamo don kada ɓarna ta ƙaru, shi ma a ɗauki hoto. In kayan hanya ne, a rubuta ƙorafi a kan takardar lodi lokacin karɓa, a faɗi adadin buhu ko kwalin da ya ɓace ko ya jiƙe, domin bayan kamfani ya biya ka zai bi mai mota da sunanka bisa sashe na 42, kuma in ka sa hannu cewa kaya sun iso lafiya ka toshe masa wannan hanya, yana iya rage abin da zai ba ka ko ya ƙi biya.

Takardun da ke nuna haƙƙinka su ne takardun saye, na duwan, takardar lodi, shaidar biyan kuɗi da littafin sito. Waɗanda ke nuna gaskiyarka su ne kwafin takardar tambayoyi da duk wasiƙun da ka aika masu hatimi (tambaya ta 9 da ta 10). A ajiye kwafinsu a gida ko a waya, tunda littafin da ke cikin sito tare da kaya yake ƙonewa. In kamfani ya ƙi biya ko ya rage, ka nemi dalilinsa a rubuce da sashen da ya dogara da shi. Kana iya ɗaukar naka masanin ya sake ƙiyasi, ka kai kuka ofishin kula da inshora na ma'aikatar kuɗi, ko ka je kotu, amma sashe na 28 ya ba ka shekara 2 ne daga faruwar abin.